"An Amince": Wa Ya Kawo, Me Aka Yanke, Me Aka Ɗage?

Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Dambatta da Makoɗa da Kunchi, da wuya a samu gari mai kasuwa da babu ƙungiya a cikinsa. Akwai ƙungiyoyin gama kai na manoma, akwai na masu noman rani a bakin madatsun Watari da Tomas, akwai kwamitocin kula da makarantu da na asibitocin mazaɓu. Kusan kowacce tana da kwamitin gudanarwa, tana da sakatare, kuma sakataren yana da wani littafi mai kaurin bango da yake rubuta bayanan taro a ciki. Sai dai ranar da rigima ta tashi a kan kuɗi, aka ce a ɗauko littafin ya raba gardama, sau da yawa abin da ake tararwa a ciki bai wuce kalmomi biyu ba: "an amince."

Laifin ba na sakatare ba ne shi kaɗai. Hausa tana da wannan "an" mai rufa wa kowa asiri. An ce, an tattauna, an amince, an bari sai zama na gaba. A hira ladabi ce, domin tana hana a nuna mutum da yatsa a gaban jama'a. A littafin ƙungiyar da ke riƙe da kuɗin mutum arba'in kuwa, rami ce. Ba ta faɗin wanda ya kawo shawarar, ba ta faɗin iyakar abin da aka yarda da shi, kuma ba ta bambanta abin da aka yanke da abin da aka gaji da maganarsa aka tashi sallar la'asar.

Maganin ba shi ne sakatare ya ƙara tsawon rubutu ba. Abin da kowace irin wannan ƙungiya ke buƙata shi ne littafi na biyu, ƙarami, wanda za a tace bayanan taro a zuba a cikinsa: rajistar ƙudurori. Littafin taro yana bin kwanan wata ne, yana ba da labarin abin da ya faru a kowane zama. Rajistar kuwa tana bin hukunci, layi ɗaya ga kowane abu da aka yanke, da wani sashe dabam na abubuwan da aka ɗage. Wanda ke son sanin ko an taɓa ba ma'aji izinin cire kuɗi ba sai ya karanta shafi sittin ba.

A wannan yanki batun ya fi nauyi fiye da yadda ake zato. Ƙasa ce da masana irin su Michael Mortimore suka yi nazarinta tun shekarun 1960 saboda cunkoson jama'a da ƙanƙantar gonaki. Ba a barin gona ta huta, kowace damina sai an nome ta, don haka taki ba abin ado ba ne. Manomin da ya zuba 'yan kuɗinsa a ƙungiya don a haɗu a sayi taki da wuri ba shi da wata gonar da zai koma wa idan aka makara. Ƙudurin da ya ɓace tsakanin zaman Fabrairu da na Mayu ana ganin sakamakonsa a zangarniyar gero a watan Satumba.

A ɗauki misali, ba na wata ƙungiya takamaimai ba, amma duk wanda ya taɓa zama a irin wannan taro zai gane shi. A ce ƙungiyar manoma ce mai mambobi 40 a tsakanin Dambatta da Makoɗa, kwamitin gudanarwarta mutum tara ne. A zaman watan Fabrairu sakatare ya rubuta kamar haka:

"An tattauna batun taki. Shugaba ya ce gara a saya da wuri kafin ya yi tsada. Ma'aji ya ce akwai naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu a asusu. Wani mamba ya ce a fara sayar da waken da ke sito. An amince. Batun bashin bara an bar shi sai zama na gaba."

Rubutun ba ƙarya ba ne, duk abin da ke ciki ya faru. Amma da me aka amince? Da maganar shugaba, ko da ta mamban da ya ce a fara sayar da wake, ko da duka biyun? Buhu nawa za a saya, a kan nawa, wa zai je? A watan Afrilu ma'aji ya ciri kuɗin duka ya sayo taki, yana ganin umarnin kwamiti ya bi. Mai tsaron sito ya sayar da buhu 30 na wake a makon da ya biyo bayan zaman, tun farashi bai ɗaga ba, shi ma yana ganin umarnin kwamiti ya bi. Rabin mambobi kuma sun rantse cewa abin da aka ce shi ne a jira a ga farashi. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa ya tashi daga tabarma da nasa fahimtar, littafin kuma ya yarda da kowa.

Da akwai rajista, sakatare ba zai iya wuce wannan wuri ba, domin layin da zai cike yana da gurabe da ba sa karɓar "an amince." Dole ya ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a wuce, me zan rubuta?" Wannan tambaya ita ce rabin amfanin aikin gaba ɗaya. Abin da zai fito zai yi kama da haka: ƙuduri mai lamba 2025/2/1, wato shekara, da zama na biyu, da ƙuduri na farko a zaman. Kwamiti ya ba ma'aji da mataimakin shugaba izinin sayen takin zamani buhu 60, kowane buhu kada ya wuce naira 40,000, kafin 15 ga Afrilu. Idan farashi ya haura haka, su dawo wa kwamiti. Mai kawo shawara, mataimakin shugaba. Mai mara masa baya, wane. Mutum takwas suka halarta, shida suka yarda, biyu suka ƙi. Sai gurbi na ƙarshe da ake bari fari, wanda za a cike ranar da aka kawo rasit.

Batun wake kuma zai samu layinsa dabam, domin shawara ce dabam. Watakila a wurin ƙoƙarin rubuta ta ne ma za a gano cewa ba a yanke ta ba ko kaɗan, magana ce kawai wani ya jefo aka gyaɗa kai.

Wannan bambanci tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka yi tsoho ne a ilimin gudanar da taro. Henry Martyn Robert, injiniyan sojan Amurka da ya fitar da littafinsa na ƙa'idojin taro a 1876, wanda har yau ake sabunta shi, tsarin da ya bari yana tafiya ne a kan cewa bayanan taro su riƙe abin da aka zartar, ba muhawarar da aka yi ba, kuma a rubuta sunan wanda ya kawo shawara. A Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani ya ajiye littafin bayanan taron daraktocinsa da na masu hannun jari, kuma ta ɗauki bayanan da shugaban taro ya sa wa hannu a matsayin hujjar abin da ya gudana. Ƙungiyoyin gama kai ba a ƙarƙashin wannan doka suke rajista ba, suna da tasu, kuma jami'an gama kai na jiha ne ke sa musu ido. Amma ranar da ƙungiya ta je banki buɗe asusu ko canja masu sa hannu, abin da za a nema shi ne ƙudurin kwamiti a rubuce. A nan ne sakatarori da yawa ke zama a shagon kwamfuta su tsara ƙudurin da ba a taɓa yankewa da wannan lafazi ba, a sa masa tsohon kwanan wata. Galibi ba da mugun nufi ake yi ba. Sai dai hannun da ya saba da haka don buɗe asusu, ba zai ji nauyin yi don cire kuɗi ba.

Sashen da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne na rubuta sunan mai kawo shawara, kuma masu ƙin sa suna da hujja mai ƙarfi. A ƙauye, mutanen da ke zaune a kwamiti surukan juna ne, maƙwabtan gona ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Idan aka rubuta cewa wane ne ya ce a ajiye wake har bazara, sannan ƙwari suka cinye shi, za a shekara ana yi masa gori a majalisa. Tsoron haka zai sa matasa da mata, waɗanda da ma da ƙyar suke magana gaban dattawa, su ja bakinsu su yi shiru. Masu wannan ra'ayi suna cewa "an" ɗin nan ita ke riƙe da zumunci.

Gaskiya ne sunan na iya zama sanda. Amma a duba wanda ɓoye sunan yake karewa a zahiri. Ba yaron da ya yi kuskuren lissafi ba ne, domin kowa a garin ya riga ya san shi ya faɗa. Wanda yake karewa shi ne mamban da ya kawo shawarar a sayi taki wurin wani dila a Dawanau, alhali dilan ƙaninsa ne, ko wanda ya nemi a sassauta wa masu bashi alhali yana cikinsu. Idan shawara uku a shekara ɗaya duk sun fito daga baki ɗaya, duk kuma sun ƙare a aljihu ɗaya, littafin taro ba zai nuna ba, domin suna warwatse a wata uku dabam-dabam. A rajista kuwa suna jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Akwai kuma amfani mafi sauƙi: bayan wata shida, idan aka yi saɓani kan abin da ƙuduri yake nufi, an san wanda za a fara tambaya.

Abin da zai cire wa sunan dafi shi ne ƙa'ida ɗaya da ya kamata a rubuta a shafin farko na rajistar, a kuma karanta ta da murya: da zarar kwamiti ya zartar da shawara, ta tashi daga ta mai kawowa ta koma ta kwamiti. Shi ya sa gurbin ƙuri'a yake kusa da gurbin suna. Wanda ya zo yi wa mai shawara gori, sai a nuna masa cewa mutum shida suka ɗaga hannu. Sunayen masu yarda da masu ƙi ba sai an jera ba, adadi ya isa, sai dai idan wani ya nemi a rubuta cewa shi bai yarda ba, wannan haƙƙinsa ne. Wanda batun ya shafi aljihunsa kuma, a rubuta cewa ya bayyana hakan kuma bai shiga ƙuri'a ba.

Amma inda kuɗi suka fi zurarewa ba a ƙudurorin da aka yanke ba ne. A jimlar ƙarshe ta bayanin can ne: "an bar shi sai zama na gaba."

A koma ga misalin. A ce mambobi bakwai ne ba su biya bashin takin bara ba, jimilla naira 560,000. A farashin da kwamiti ya ƙayyade, buhu 14 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da za a saya bana. A zaman Fabrairu aka ɗage batun domin biyu daga cikin masu bashin suna zaune a wurin, ba wanda ke son ya fara. A zaman Maris sakatare ya karanta bayanan baya, aka amince da su, aka shiga sabuwar magana. A Mayu hankalin kowa yana kan rabon taki. Daga nan ruwa ya sauka, ba a sake zama ba sai bayan kaka. Babu ranar da kwamiti ya yafe bashin nan, babu wanda ya kawo shawarar a yafe, babu ƙuri'a. Amma an yafe shi, kuma mambobi 33 da suka biya nasu su suka ɗauki nauyin. Shekara mai zuwa masu ƙin biya ba za su tsaya a bakwai ba.

Ɗagewa ita ma hukunci ce, don haka sai an rubuta ta kamar hukunci: wa ya nemi a ɗage, saboda me, zuwa yaushe, kuma wa zai dawo da batun. A nan yana da kyau sakatare ya san cewa abubuwa uku ne mabambanta ke fakewa a ƙarƙashin kalma ɗaya. Akwai ɗagewa zuwa rana sananniya, kamar a ce sai zaman Maris. Akwai miƙa batu ga mutum biyu ko uku su bincika su kawo rahoto, wanda shi ma sai an sa masa wa'adi da sunayen waɗanda aka ɗora wa. Akwai kuma jinginewa ba tare da rana ba, wadda a mafi yawan lokaci kisa ce cikin ladabi. Babu laifi kwamiti ya kashe batu idan haka yake so, amma ya kashe shi da ƙuri'a, a rubuta cewa an ƙi. Mutanen da suka tashi da sanin cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa take, ba sa buƙatar dogon bayani kan dalilin da ya sa abin da ba shi da wa'adi yake ɓacewa.

Sashen abubuwan da aka ɗage ya fi kyau ya zauna a bayan littafin, a fara shi daga shafin ƙarshe. Kowane zama, bayan addu'a da karanta bayanan baya, shi za a fara buɗewa kafin a taɓa sabon batu. Layi ba ya fita daga wannan sashe sai ta hanya ɗaya: a rubuta a gefensa lambar ƙudurin da ya rufe shi. Duk lokacin da aka sake ɗage shi, a ƙara kwanan wata a layin. Batun da ya tara kwanan wata uku, alama ce cewa akwai wanda ake jin nauyi, kuma ya dace a ɗauke shi daga kwamiti a kai shi babban taron mambobi.

To, ƙungiyar da ta riga ta tara littattafan shekaru fa? Ba sai an koma farkon kafuwa ba. Damina biyu da suka wuce sun isa, domin a nan ne basussuka da alƙawuran da ke da rai suke. Aikin na mutum biyu ne, sakatare da wani mamba da ba ya riƙe da kuɗi, ɗaya yana karantawa ɗaya yana rubutawa. Kowane sakin layi sai a tambaye shi: hukunci ne, ko ƙi, ko ɗagewa, ko magana ce kawai? Maganar da ba ta kai ga komai ba a bar ta inda take. Sauran a ɗauko su da lafazin da ke littafin, da lambar shafin da aka samo su.

A nan ne jarabawa take. Sakatare zai ci karo da "an amince" da babu adadi, babu suna, kuma shi ya tuna abin da aka nufa, ko yana jin ya tuna. Kada ya cike gurbin da tunaninsa. Ya rubuta "ba a rubuta ba," ya wuce. Rajistar da aka gyara da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ta fi rashin rajista haɗari, domin tana da kamannin hujja alhali ra'ayi ce. Guraben da suka rage a kawo su gaban kwamiti, a yanke su sabo da kwanan watan ranar, ko da abin da za a rubuta shi ne cewa kwamiti ya tabbatar da sayen da ma'aji ya riga ya yi a Afrilu. Haka nan idan aka canja ƙuduri daga baya, ba a gogewa, ba a shafa farin fenti. A yi sabon layi, a rubuta a gefen tsohon cewa lamba kaza ta maye gurbinsa. Littafin ya zama ɗinkakke mai lambobin shafi, ba fayil da ake zare takarda ba.

Harshe ma abin dubawa ne. Sakatarori da yawa suna rubutu da Turanci saboda jami'in da zai zo duba littafi, alhali da Hausa aka yi taron. Tsakanin bakin mai magana da alƙalamin mai fassara ne "a duba yiwuwar saye" ke komawa "a saya." A rubuta ƙuduri da harshen da aka yanke shi, da boko ko da ajami, a karanta shi a wurin kafin a ɗaga hannu, ba a zama na gaba ba. Idan banki ko jami'i na son Turanci, a fassara masa daga rajistar. Bayan shugaba ya sa hannu, mutum biyu ko uku su ɗauki hoton shafin a wayoyinsu, domin littafi yakan bi tsohon sakatare gida ranar da aka kayar da shi zaɓe.

Rajista ba ta maye gurbin littafin taro. Bayanan da aka karanta aka sa wa hannu su ne asali, idan suka saɓa da rajista su za a bi. Ba kuma ta hana kwamitin da ya haɗa baki cin kuɗi, tunda masu haɗa baki sun iya rubutu mai tsabta. Abin da take yi shi ne ta ba mamba na gari, da jami'in gama kai mai binciken asusu, wurin da za su sa yatsa. Su ɗauki kowane rasit mai nauyi su nemi lambar ƙudurinsa. Idan babu, tambaya ta taso. Idan akwai amma kwanan watan ƙudurin ya zo bayan na rasit, an kashe kuɗin ne kafin a nemi izini. Idan duk shawarwarin shekara daga kujerar shugaba suka fito, kuma kowace ƙuri'a "baki ɗaya" ce, to kwamitin sauraron sanarwa yake yi.

A ƙungiyar misalin nan, da an buɗe bayan littafin a farkon zaman Maris, layin farko da za a karanta shi ne: bashin takin bara, mutum bakwai, naira 560,000, an ɗage ranar zaman Fabrairu bisa buƙatar wane, ma'aji zai kawo sunaye da abin da ke kan kowa. Masu bashin biyu da ke kwamiti za su fita su jira a inuwar darbejiya, ragowar bakwai su yanke ko a biya kafin rabon taki, ko a cire daga kason bana, ko a karɓi gero a kaka. Duk wanda suka zaɓa cikin ukun, akwai sauran wata biyu da 'yan kwanaki kafin ruwan shuka.